Kalmar da babu, amma kunne ya karɓe ta

"Malam, ai duk kalmar da babu ta a ƙamus ɗaya ce, shirme ne, ko?"

A'a, ɗana, ba ɗaya ba ne. Ga biyu da na ƙirƙira yanzu: "dumbale" da "drumba". Je kasuwar Tawa ka faɗa wa wata tsohuwa su. Kalma ta farko, tsohuwar za ta tambaye ka ma'anarta, ko ganye ne ko sunan gari. Ta biyu kuwa, in ka ce ta maimaita, "durumba" za ka ji.

Dalili shi ne gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali kamar "sha", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Gaɓa ba ta farawa da baƙi biyu, don haka baki ke cusa wasali tsakanin d da r. Haka "France" ta zama Faransa. A "dumbale" m da b sun haɗu, amma kowane gaɓarsa daban: dum-ba-le.

Za ka ce ga "kwana" da "tsamiya". Nan rubutu ne ke ruɗin mutane. Harufa biyu ne, amma sautin ɗaya ne: k ce da aka zunɓura mata leɓe, ts kuma ba t ba ce da s.