Zuhal ba zai zaɓa miki miji ba

'Yan uwana matasan Kano, musamman ku 'yan mata, akwai wata sara da ta shigo ta waya. A saka ranar haihuwar saurayi da ta budurwa a manhaja, ta ɗora taswirar taurarinsu ɗaya kan ɗaya, wai don a ga ko sun dace. Tauraron da aka fi zuba wa ido shi ne Zuhal. Idan Zuhal ɗinsa ya yi kusurwa da Wata ko tauraruwar Zahara a taswirarki, masu harkar sukan ce alamar zama ne na dindindin, aure mutu-ka-raba. Su ɗin dai sukan ce alamar takura ce, zai danne ki, ki ji kamar kina kurkuku.

To ki duba da kyau. In auren ya ɗore, Zuhal ne ya riƙe shi. In ya mutu, Zuhal ne ya shaƙe shi. Ta ina za a kama wannan magana da ƙarya?

Ga misali. Zuhal yana ɗaukar kusan shekara 29 da rabi kafin ya zagaye rana, wato a shekara 7 da 'yan watanni yana cin kwata na zagayen, digiri 90. Saurayin da aka haifa a Yulin 1996, Zuhal ɗinsa yana farkon burujin Hamal, ɗaya daga cikin gidaje goma sha biyu da masu harkar suka kasa sama. Budurwar da aka haifa a Agustan 2003, nata yana farkon Saraɗan. Tsakaninsu kusan digiri 90, kusurwar da suke kira ta ƙunci da tsanani. Manhajar za ta nuna jan layi, gabanki ya faɗi. Alhali abin da ta gano kawai shi ne ya girme ki da shekara bakwai, kuma wannan ko Goggo ta sani tun ranar gaisuwa. Duk sa'o'insa na wannan watan, daga Fagge har Ɗorayi, na kirki da ɗan iska, jan layin nan za su samu da ke.

Lissafin Wata ma ya fi rauni, don yana tafiyar kusan digiri 13 a yini. Wanda aka haifa a gida, aka ce "wajen azahar ne ko da daddare", taswirarsa ta goce tun ba a fara ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar da saurayi yake binciken wayarta, yana hana ta zuwa bikin ƙawaye tun ba a kai kuɗin aure ba, sai ta ce ai Zuhal ne, haka soyayya mai ɗorewa take farawa. Wannan hali ne, 'yar uwa, kuma a unguwarsu ake gano shi. A tura yayyenki su tambayi maƙwabtansa da abokan kasuwarsa, a ji yadda yake da ƙannensa mata. Ki yi istihara. Ki kuma tuna hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Kafin ki ce ai waya ce ba boka ba, ki kai wa malamin Islamiyyarku tambayar.