Nasihar malamin wasanni kafin a busa usur

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

A tseren makaranta, wanda ya fi fallasa halin yaro shi ne na mita 800. Na mita 100 kafin ka ƙifta ido an gama. Shi kuwa na 800 zagaye biyu ne na cikakken fili, irin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, inda kowane zagaye yake mita 400. A zagaye na biyu ne yaro yake samun lokacin yin shawara da zuciyarsa. Idan ya hango na gaba ya yi masa nisa, sai ka ga ya dafe haƙarƙari, ya rage gudu, ya zame gefe ya zauna. Wani da gaske ciwo ne. Amma da yawa kunyar zuwa na baya ce ta zaunar da su.

Wani malamin wasanni a wata sakandare ta cikin gari ya tara yara takwas da za su yi wannan tsere ranar gasar gidaje, ya yi musu magana da ba ta wuce minti biyu ba. Ga abin da ya ce:

"Yarana, ku matso. Ku takwas ne, kofi ɗaya ne. Tun kafin in busa usur na san bakwai daga cikinku ba za su ɗauka ba, kuma ba wanda zan yi fushi da shi a kan haka. Tsawon ƙafa ba ku kuka ba kanku ba. Abin da ke hannunku shi ne yadda za ku yi da ƙafar da aka ba ku. Allah ya ce a Suratun Najmi mutum ba shi da komai sai abin da ya yi ƙoƙarinsa, kuma za a nuna masa ƙoƙarin nan nasa. Kada ku ƙone ƙarfinku a zagayen farko don ihun 'yan kallo, ku ajiye na dawowa. Duk wanda ya wuce ku, ku bar shi ya wuce, kada ku sa masa ƙafa, kada ku ja masa riga. Ina riƙe da takardar lokacin da kowa ya yi a atisaye, da ita zan auna ku. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take, wannan umarni ne. Wanda kuwa gajiya ce kawai, ina jiransa a bakin layi. Ku yi bisimilla, kowa ya kama wurinsa."

Maganar takardar nan ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin cewa yaro "yi ƙoƙari" ba wuya, kowa yana faɗa. Abin da ke da wuya shi ne a nuna masa ƙoƙarin a fili ya gani da idonsa. A ce yaro yana yin mita 800 a minti 3 da daƙiƙa 10 lokacin atisaye. Ranar gasa ya yi zagayen farko a daƙiƙa 87, na biyu a 91, ya gama a minti 2 da daƙiƙa 58, ya zo na shida. Babu wanda zai kira sunansa a lasifika. Amma ya rage daƙiƙa 12, kuma tazarar da ke tsakanin zagayensa biyu daƙiƙa 4 ce kacal, alamar ya san ƙarfinsa ya raba shi daidai. Wani kuma ya fita da gudun tsiya, ya yi zagayen farko a daƙiƙa 70, ƙafafu suka yi masa nauyi, numfashi ya ƙi isa, ya ja na biyu a 115. Shi ma ya wahala, har ya fi na farko haki, sai dai wahalar tasa ta rashin tsari ce. Ga kuma mai baiwa da ya zo na ɗaya yana waige yana dariya, gudunsa ya gaza wanda ya saba yi. Kofi nasa ne, ba mai ƙwace masa, amma malamin kirki zai ja shi gefe ya ce masa yau ka yi wasa da abin da Allah ya ba ka.

Kada wani ya ɗauka addini ya ƙi gasa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shirya tseren dawaki a Madina. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, dawakin da aka horar sun tashi daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Kowane rukuni da gwargwadon abin da zai iya. Ina ma masu haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida a layi guda, sannan su yi wa ƙaramin dariya, za su tsaya su dubi wannan.

Manzon Allah da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta wuce shi. Bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Kuma yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo. Sai ya sanar da su cewa babu wani abu na duniya da zai ɗaukaka face Allah ya sauke shi. Bai ce an yi maguɗi ba, bai nemi a sake ba. Idan taguwar fiyayyen halitta ta zo ta biyu, ɗanka don ya zo na biyar ba abin da ya ragu a gidanku.

Da iyaye nake a nan, domin sau da yawa abin da malami ya gina a fili mu muke rushewa a tsakar gida. Yaro ya shigo da ƙura har gira, tambayar farko ita ce "na nawa ka zo?" In ya ce na shida, sai a ce ɗan maƙwabta ya fi shi zuciya. Yaron da ya sha jin haka darasi ɗaya yake ɗauka: in ba zai ci ba, gara kada ya shiga, in kuma ya shiga, ya nemi hanyar ci ko ta halin ƙaƙa. Daga yanke kwana a fili ake fara koyon leƙen takardar wani a ɗakin jarrabawa. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mumini mai ƙarfi ya ba mu tsarin da ya dace: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza, in kuma wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata. Aiki ne a gaba, sallamawa tana biye. Wasu namu sun juya abin, suna kiran ƙaddara tun ba su ɗaura takalmi ba.

Sai dai a kula da gargaɗin da malamin ya yi a ƙarshe, don kada sunan ƙoƙari ya zama sanadin cutar da yaro. A cikin 'yan makarantarmu akwai masu sikila, akwai masu asma, kuma ƙurar hunturu da zafin bazarar Kano duk suna tayar da waɗannan. Haki da nauyin cinya da ɗan sukar gefen ciki gajiya ce da aka saba, tana wucewa in an rage gudu an daidaita numfashi. Jiri, duhun gani, ciwon ƙirji, numfashi mai fito, ko yaro ya fara tangaɗi, waɗannan ba a yi musu jarumta. A tsayar da shi, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a nemi ma'aikacin lafiya. Uban da ya san ɗansa yana da irin wannan larura ya sanar da malamin wasanni tun ranar da aka rubuta sunayen masu gudu, kada ya bari sai ranar gasa.