Yadda rana ta cinye mini atamfar Sallah

Ina 'yar shekara 15 Baba ya yi mini atamfar Sallah, ja mai ratsin shuɗi, aka fitar mini da riga da zane da ɗankwali. Tsabar so, duk Juma'a sai na wanke ta ko ban sa ba. In jiƙa da omo tun safe, in murza, in matse kamar muna da tsohuwar gaba, sannan in shanya a igiyar tsakar gida, inda ranar bazarar Kano ta fi duka.

Kaka tana kan tabarma tana kallona.

"Ke kishiya, mayar da zanen nan ƙarƙashin darbejiya."

"Haba tsohuwa, a inuwa sai yaushe zai bushe?"

"Iska ke busar da kaya. Rana rini take ci."

Ni na ɗauka kishi ne kawai.

Wata Juma'a na shanya, muka tafi suna Wudil, na manta. Kwana uku atamfata na shan rana. Da na dawo na kwashe da daddare, washegari na caɓa ado na tafi biki ina taku ɗaiɗai. Ina shiga, wata ƙawata ta ce, "Anko biyu kika haɗa?" Na duba. Ɗankwalin da ba na yawan wankewa ja wur, riga ta koma ruwan hoda, zane kuwa ɓarin da ya kalli rana ya koɗe, ga wani layi fari-fari daidai inda ya hau igiya. Ko shinkafa ban tsaya ci ba, kuma Allah ya sani da yunwa na je.

Kaka ta yi dariya har da tari, sannan ta jawo bakin zanen ta buɗe kalmasa. A ciki jan yana nan kamar ranar da aka yanko shi.

"Ruwa ya shiga nan, sabulu ya shiga. Mene ne bai shiga ba?"

Na ce, "Rana."

Ta buɗe adakarta ta fito da wani zane rinin Ƙofar Mata, wai ya girmi Ummata, shuɗinsa har yanzu kamar zai yi magana. Ta ce kaya mai launi da ruwan sanyi ake wanke shi da sabulun wanki, ba a barinsa a jiƙe, ba a murɗe shi. A juya shi bai-bai, a baza inda iska ke ratsawa, yana bushewa a kwashe, don inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. Ja kuwa ya fi saurin koɗewa, kuma abin da rana ta ci ba wankin da zai dawo da shi, sai dai a kai marina.

Na tambaye ta ko za ta ara mini nata.

"Ke da rana ƙawaye ne, ba zan ba ki ba."

Zanen nawa ma ƙwacewa ta yi. A kansa take shanya kuɓewa, wai tunda sun riga sun saba da rana.