Harafin da Ya Wuce Ƙarshen Jeri Ba Ya Ɓata

"Idan na ɓoye saƙo ta hanyar matsar da haruffa gaba, harafin da ya wuce Z ai ya ɓata ke nan, ko kuwa?"

Bai ɓata ba, domin jerin haruffan a wannan dabara zagaye ne kamar fuskar agogo, inda ƙarfe 11 da ƙarin awa 3 ke zama ƙarfe 2. A jerin haruffan Turanci guda 26, ana ba A lamba 0, B lamba 1, har zuwa Z mai lamba 25, sannan a tara mabuɗi, wato adadin matakan da ake matsar da haruffa, a kan lambar kowane harafi, a raba da 26, a riƙe ragowar kawai:

```
C = (P + k) mod 26
```

A nan P ita ce lambar harafin asali, k mabuɗi, C lambar harafin da aka ɓoye, mod 26 kuma ragowar rabawa da 26. Ɗauki Y mai lamba 24, da mabuɗi 3, irin wanda aka ruwaito Julius Caesar yana amfani da shi. Jimilla 27 ce, ragowarta 1, wato B.

Warwarewa ma tarawa ce, kuma nan ne nake so mai karatu ya natsu sosai. Ɗebe 3 daidai yake da ƙara 23, tun da haɗuwarsu 26 ce, zagaye guda cur; saboda haka 1 da 23 sun ba da 24, Y ya dawo. Wanda ya fara ƙirga daga 1 kuwa zai tarar W ya ba da ragowar 0, lambar da ba ta da harafi a jerinsa. Haka kuma, in aka ƙara ɓ, ɗ da ƙ cikin jerin, dole 26 ta koma 29 a wajen mai aikawa da mai karɓa baki ɗaya.