Magani uku ne, kuma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba

"Ai duk maganin hadda ne, ka kunna su gaba ɗaya kawai." Na gaji da jin wannan a bakin masu horar da model, game da `Dropout`, `weight_decay` da `label_smoothing`. Da ɗan gaskiyarsu, domin dukkansu suna hana model haddace bayanan horo maimakon ya gane su. Amma kowanne da inda yake taɓawa.

`Dropout` yana kashe wasu niyuron, wato ƙananan sassan lissafi na model, ba tare da zaɓe ba a kowane zagayen horo, don kada su dogara da juna. Yana amfani idan model ya yi wa bayanan girma. Idan kuwa ko bayanan horon bai iya ba tukuna, ƙara masa nauyi za ka yi.

`weight_decay` kuwa lambobin model ɗin yake ja zuwa sifili kaɗan-kaɗan, kuma a cikin hanyoyin gyara lambobin model lokacin horo, da `AdamW` ya fi tafiya daidai, ba `Adam` ba.

Na ukun, `label_smoothing`, amsar da ake koyarwa yake sassautawa. A ce hotuna rukuni 10 ne, ka sa `label_smoothing=0.1` a PyTorch: amsar daidai za ta koma 0.91 maimakon 1, sauran tara kowacce 0.01. Wannan na model ne mai cika baki, wanda ke cewa 99% alhali ya yi kuskure. Kuma `loss` na horo, wato ma'aunin kuskuren model, ba zai kai sifili ba, kada ka ɗauka wani abu ya lalace.