Ramar Azumi Da Ƙibar Da Ke Biyo Bayan Sallah

Ƴan uwa, a duk goman ƙarshe na Ramadan ana yawan jin mutane a Maradi suna cewa wando ya yi musu yawa ko kuma azumi ya zabge su, amma kafin watan Shawwal ya fita sai ka tarar mutumin nan ya koma yadda yake, wani ma har da ƙari. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da muke kira rama a cikin azumi ba kitse ba ne yake tafiya, kuma ƙibar da ke zuwa daga baya ba tuwon Sallah ne yake kawo ta ba, cimar buɗa-baki ce da muke ci gaba da ita bayan abincin rana ya dawo.

Jikin mutum yana ajiye sukari a hanta da tsoka domin amfanin gaggawa, kimanin giram 400 zuwa 500 a jikin babban mutum, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Idan mutum ya wuni bai ci ba, jiki yana fara taɓa wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita. A haɗa da zufar da mai azumi yake yi a garinmu, inda zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu, da kuma cikin da babu abinci a cikinsa, za a ga dalilin da ya sa wanda ya hau sikeli da la'asar yake ganin kilo ɗaya ko biyu sun ɓace. A shekarar 2019 masana sun tattara sakamakon bincike masu yawa da aka yi a kan masu azumi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa matsakaicin abin da ake ragewa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma nauyin yakan kama hanyar dawowa cikin makonni biyu zuwa biyar bayan Sallah. Akwai kitse kaɗan a cikin abin da ya tafi, musamman ga mai jiki, amma bai kai yadda ake zato ba.

Shi kitse lissafinsa daban ne. Ana auna ƙarfin da abinci yake ba jiki da kalori, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700, saboda haka ba ya tafiya a wuni ɗaya, ba ya kuma taruwa a wuni ɗaya.

Mu ɗauki misalin wani mai shago a babbar kasuwa, wanda ya shiga azumi da kilo 78, ya auna ranar jajibiri ya ga 76. Kwana uku bayan Sallah ya sake aunawa ya ga 77 da rabi, hankalinsa ya tashi. Wannan tashin hankali ba shi da dalili, domin kafin ya tara kitse kilo ɗaya da rabi cikin kwana uku sai ya ci rarar kalori fiye da 11,000 a kan abin da jikinsa yake buƙata, abin da yake da wuya ƙwarai ko da gida goma ya shiga yawon barka da Sallah. Ajiyar sukari ce ta cika, ruwa ya dawo, gishirin miya da nama kuma ya ƙara riƙe ruwan.

Matsalarsa ta gaskiya tana farawa ne a sati na biyu. Cikin azumi ya saba da kunu mai ƙwayar sukari shida idan an sha ruwa, da kwalbar lemo mai sanyi, da ƙosai da fanke masu zafi waɗanda mai ya jiƙa takardar da aka naɗo su a ciki har ana hango rubutun bayanta. Ƙwayar sukari ɗaya kusan giram biyar ce, wato kalori 20, shida sun zama 120. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato kalori 140. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma idan muka ƙaddara cewa suyar da ya ci ta sha cokali biyu, an samu 240, ban da wake da fulawar da ke ciki. Jimilla kalori 500 ke nan. A cikin azumi wannan bai nuna a jikinsa ba, saboda babu karin kumallo, babu shinkafar rana, babu furar azahar, babu shayin majalisa. Bayan Sallah duk waɗannan sun dawo, shi kuma bai saki na magariba ba, domin baki ya riga ya saba. Rarar kalori 500 a kullum, cikin kwana goma sha biyar, ta kai 7,500, kusan kilo ɗaya na kitse zalla. Lissafin ba ya tafiya daidai haka har abada, tun da jiki yakan ƙara abin da yake ƙonawa idan ya ƙara nauyi, amma ya isa ya nuna yadda mutum zai iso Sallar Layya da tumbin da bai shiga Ramadan da shi ba. Ga kuma tafiyar masallaci da tsayuwar tarawihi da tahajjudi da suka tsaya rana ɗaya.

Abin da nake ganin ya kamata a yi ba mai wahala ba ne, kuma ba ya buƙatar sayen wani shayin rage ƙiba. Irin waɗannan da ake tallatawa, da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, wato ruwa suke fitarwa, su bar kitse a inda yake. A ci abincin Sallah kwana biyu ko uku cikin farin ciki, sannan a mayar da abincin dare yadda yake kafin azumi, a fara da rage abin sha mai zaƙi, domin sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abincin da aka tauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum yake samu daga abinci, wato kusan giram 50 a rana ga babba, kuma mai shagonmu ya riga ya wuce wannan da kunu da lemo kaɗai. Idan ya mayar da ƙwaya shida zuwa biyu, ya bar lemo ya koma ruwan randa, ya sa kwaɗon zogale ko dafaffen wake a gurbin suya a mafi yawan ranaku, ya cire kusan duk rarar ba tare da ya ji yunwa ba. Hukumar ta kuma ce a yi motsa jiki aƙalla minti 150 a sati, kuma tafiyar rabin sa'a da sauri bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, kwana biyar a sati, ta cika wannan.

Masu yin Sitta Shawwal da azumin Litinin da Alhamis, Allah ya karɓa, amma kada a ɗauka cewa nauyi zai tsaya saboda su idan kowane shan ruwa yana zuwa da irin shimfiɗar Ramadan. Masu ciwon sukari kuma, waɗanda aka canza wa lokacin magani ko yawansa saboda azumi, su koma wurin likita a gyara musu tsarin, kada su ci gaba da na Ramadan.

Game da awo, a hau sikeli ɗaya, sau ɗaya a sati, da safe bayan an kama ruwa kuma kafin a ci komai, sannan a yi watsi da awon satin farko na bayan Sallah. Idan nauyi ya ci gaba da hawa sati uku a jere, wannan kitse ne. Wanda ba shi da sikeli ya ari abin awon tela ya auna cikinsa daidai wajen cibiya, ba tare da ya shanye ciki ba. Abin da ake so shi ne kada zagayen cikin ya kai rabin tsawon mutum, wato mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.