Ku bar yarinyar nan ta huta, ba ita ta auna sakan ɗin ba

Tun jiya nake ganin kuna ta yi wa yarinyar da ta ɗora murya a bidiyon nan na ORS, ruwan gishiri da sukari na yara masu gudawa, ba'a, wai tana magana kamar wadda kare ya biyo. Har da masu kwaikwayonta. To sannunku da ƙoƙari, masana harkar murya! Laifin ba nata ba ne ko kaɗan. Wanda ya zauna a ofis ya yanka wa kowace fitowa sakan ɗinta tun kafin wani ya buɗe baki ya karanta rubutun, shi ya kamata ku nema. Ita dai an miƙa mata jimlar sakan 6 an ce ta cusa ta a sakan 4, ta kuma cusa, don aikinta ke nan.

Baki ne ke auna sakan, ba takarda ba. Zan yi ta maimaita wannan har ku gaji da ni.

Na san yadda abin ke faruwa domin kullum haka ake kawo mana shi. An gama zanen bidiyo a kan muryar Turanci, an kulle komai, sannan a turo wa marubucin Hausa jadawali: fitowa ta 3 sakan 4, ta 4 sakan 5. Ma'aunin da suka yi aiki da shi shi ne wanda kowa ya haddace, kalma 150 a minti ɗaya, wato kalma biyu da rabi a sakan. Wannan lissafin na mai karanta Turanci ne, kuma ko a can ɗin ma kintace ne. Kalmar "a" kalma ce, "tsabtataccen" ma kalma ce, amma wa zai ce lokacin faɗinsu ɗaya? Shi ya sa ni gaɓa nake ƙirgawa. A nawa aikin, mai karatu cikin natsuwa, irin wanda uwa a ƙauye za ta ji sau ɗaya ta gane, yana cin gaɓa 4 zuwa 5 a sakan. Kowa da nasa bakin, don haka a gwada wanda zai karanta ɗin, kada a ɗauki nawa a matsayin doka.

Bari mu ɗauki fitowar da kuka fi yi wa dariya, inda hannu ke yaga fakiti yana juyewa a kwalba. Abin da aka ba ta ta faɗa shi ne: "Ki juye fakiti ɗaya na ORS a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa." A takarda kalma 13 ce, ba ta ko cika layi biyu ba. Ku ƙirga gaɓoɓinta da yatsa, za ku samu 26, domin haruffan nan uku kaɗai gaɓa 3 suke ci. Gaɓa 26 kusan sakan 6 ke nan, ga shi hoton sakan 4 yake tsayawa. Ba za ta shiga ba sai an ƙara mata gudu da rabin saurinta na asali. Da zarar an yi haka dogon wasali ya gajarce, baƙin da ake ninkawa ya koma ɗaya, numfashin da ke raba jimla da jimla ya ɓace. Sai ka ji Hausa ce amma ba ka kama komai ba.

Kuma da ta ƙi yin gudun, abin da zai biyo baya ya fi muni. Sakan 2 ta zarce a nan, 2 a fitowa ta gaba, kafin a wuce fitowa biyar murya ta bar hoto da sakan 10. A lokacin ne za ka ga ƙwayar zink a allo alhali murya na cewa a zubar idan ya kai awa 24. Ruwan da aka haɗa ne ake zubarwa bayan awa 24, zink kuwa kwana 10 zuwa 14 ake ba yaro. Uwar da ba ta karanta rubutun allo, hoto da murya kawai take haɗawa. Me kuke so ta fahimta?

Gyaran ba wani tsafi ba ne. Hoto ya riga ya nuna hannu yana juyewa, ya nuna sunan a jikin fakitin, to me ya sa murya za ta sake faɗin abin da ido ke gani? A ce kawai: "Fakiti ɗaya, ruwa mai tsabta lita ɗaya." Gaɓa 14, kusan sakan 3, har da rarar da mai sauraro zai haɗiye maganar. Wannan rarar ba asara ba ce. Ni nakan bar rabin sakan bayan hoto ya canza kafin murya ta shigo, wato firem 12 ko 13 idan ana aiki da firem 25 a sakan, saboda ido na buƙatar ya gane sabon hoton tukuna kafin kunne ya karɓi bayani. Fitowar sakan 4 ke nan ba ta da wurin magana fiye da sakan 3 da ɗan wani abu.

Akwai kuma jimlar da ba ta ragewa. Lamba ita ce babbar mai cin amana: a takarda alama biyu ce kacal, 24, a baki kuwa gaɓa 6 ce, da "awa" ta zama 8. Ba za ka datse ta ba, don ita ce saƙon. A nan marubuci ke komawa wurin edita ya ce a ƙara masa sakan 2, ko da tsayar da hoton ƙarshe za a yi. Shi ya sa tsarin da ya dace shi ne a raba takarda gida biyu, hoto a gefe, magana a gefe, lambobi a rubuta su da kalmomi yadda za a furta su, a ɗauki muryar gwaji ko da waya ce, a auna kowane layi da agogo, sannan mai zane ya yanka hoto a kan muryar. Tela ma sai ya gwada mutum yake yanka yadi.

Wani ya rubuto min wai ai akwai Change Tempo a Audacity, manhajar gyaran sauti, a ƙara wa muryar gudu a matse ta kawai. Malam, na san da shi. Matsi kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100, kunne ba ya damuwa. Kai kuwa kashi 50 kake nema. Wani kuma ya ce kuɗin sake zane fa? Kuɗin da aka kashe a bidiyon da ba wanda ya fahimta fa, wa zai biya shi? Masu cewa mutanen yanzu ba sa haƙurin dogon bidiyo kuwa, ƙarin sakan 10 ne zai kore su, ba surutun da ba sa ganewa ba? Haba jama'a.

Tsakani da Allah abin yana min ciwo, domin masu ɗora murya su ne ake ji, su ne ake zagi, kuma su ne ba a tambaya lokacin da ake tsara jadawalin. Da an kira ta tun farko ta karanta rubutun sau ɗaya da agogo a hannu, da duk wannan bai taso ba.

Af, tunda ana maganar bidiyon, wa ya zaɓi salon haruffan rubutun ƙasan nan? Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati, "ɗaya" ta zama akwati da "aya". Mutum nawa suka kalla kafin a sake shi, a ce ba wanda ya gani?